Wane Ma'aunin Dogaro Ya Kamata Ka Saya Don Gwada Gejin Matsi: 10:1, 4:1 Ko 2:1?

Duk wanda aka ɗora wa alhakin tantance na'urorin awo a masana'anta ko ɗakin gwaji, wata rana zai tsinci kansa tsakanin ma'aunai biyu ko uku da farashinsu ya yi nisa da juna, yana tambayar kansa ko mai tsadar ya zama dole. Amsar tana rataye ne a kan lamba ɗaya, wato sau nawa iyakar kuskuren da aka yarda wa na'urar da ake gwadawa ta ninka rashin tabbas ɗin da ke cikin gwajin kansa. Wannan lamba ita ce ake rubutawa TUR a satifiket. Domin kada magana ta tsaya a iska, zan ɗauki na'ura guda in bi ta da ma'aunai uku: gejin matsi mai allon lambobi, wanda ke auna 0 zuwa 20 bar, iyakar kuskurensa ±0.1 bar, lambar ƙarshe da allonsa ke nunawa kuma 0.01 bar ce.

Abin da ya sa dole ma'aunin dogaro ya fi na'urar

Idan aka haɗa gejin da ma'aunin dogaro a bututu ɗaya, abin da mai gwaji ke gani shi ne bambancin karatun biyu. Wannan bambanci kuwa ya ƙunshi kuskuren gejin da na ma'aunin dogaron a haɗe, kuma babu yadda ido zai raba su. Saboda haka a gefen kowace iyaka akwai wani yanki na shakka wanda faɗinsa ya yi daidai da rashin tabbas ɗin gwajin. Karatun da ya faɗo can tsakiya ya wuce lafiya, wanda ya faɗo can waje ya faɗi, amma wanda ya faɗo cikin yankin shakka yana iya zama mai kyau da aka ƙi, ko mara kyau da aka karɓa. Amfanin ma'auni mai inganci shi ne matse wannan yanki.

Ana lissafa lambar kamar haka, inda U yake nufin faɗaɗɗen rashin tabbas na gwajin gaba ɗaya a matakin amincewa na kusan kashi 95 cikin 100:

```
TUR = (iyaka ta sama − iyaka ta ƙasa) / (2 × U)
```

Ga gejinmu, tunda iyakar ɗaya ce ta ɓangarorin biyu, lissafin ya koma 0.1 a raba da U. Dokar 4:1 da aka fi sani ta daɗe: ƙa'idar sojan Amurka MIL-STD-45662A ta 1988 ta ce kada rashin tabbas ɗin ma'aunan dogaro ya wuce kashi 25 cikin 100 na iyakar da aka yarda, sannan ANSI/NCSL Z540.3 ta 2006 ta mayar da hankali kan haɗarin kansa, ta ce yiwuwar karɓar na'ura mara kyau kada ta wuce kashi 2 cikin 100, in kuwa ba za a iya ƙiyasta hakan ba, to TUR ya kai 4:1. A fannin awon nauyi, OIML R 111 ta tsaya a kashi ɗaya cikin uku. Ita kuwa 10:1 tsohuwar al'ada ce ta masu ƙera kayan awon tsayi da kauri. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya nuna cewa babu lambar da ta zama tilas a kowane hali. Kowacce sulhu ce tsakanin haɗari da kuɗi.

Akwai lissafin da ke nuna inda sulhun ya fito. A ɗauka cewa cikin na'urorin da ke zuwa gwaji kusan 95 cikin 100 suna cikin iyaka tun asali, kuma kurakuransu sun bazu yadda aka saba gani. A 10:1, waɗanda za a karɓa bisa kuskure kusan kashi 0.4 ne cikin 100, waɗanda za a ƙi bisa kuskure kusan 0.5. A 4:1 lambobin sun zama kusan 0.8 da 1.5. A 2:1 sun zama kusan 1.2 da 4, a 1:1 kuwa kusan 1.7 da 13. Abin lura a nan shi ne cewa karɓar mara kyau yana hawa ne a hankali, amma ƙin mai kyau yana hawa da gudu. Mutane da yawa suna zaton ma'auni mai rauni yana cutar da wanda zai yi amfani da na'urar ne kawai, alhali mai ɗakin gwajin ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa, ta hanyar gyaran abin da bai lalace ba da sayen sabon geji a madadin wanda lafiyarsa ƙalau.

Ma'aunan zaɓi

Abu na farko da zan duba a kowane zaɓi shi ne TUR na gaskiya, bayan an haɗa duk tushen rashin tabbas, domin lambar da ake samu idan aka raba iyakar na'ura da abin da kamfani ya rubuta a takardar ma'aunin dogaro wata lamba ce daban, ita ce ake kira TAR, kuma sau da yawa tana yi wa mai saye daɗin baki. Na biyu shi ne kuɗi, na saye da na sabunta satifiket. Na uku ƙarko, wanda a wannan fanni ma'anarsa ita ce yadda ma'aunin ke riƙe daidaitonsa tsakanin tantancewa da tantancewa. Na huɗu sauƙin aiki, na biyar kuma haɗarin yanke hukunci ba daidai ba.

Kafin a taɓa kowane ma'auni, akwai rashin tabbas guda biyu da gejin da kansa ke kawowa. Allonsa ba ya nuna abin da ya gaza 0.01 bar, wanda a lissafi yake zama kusan 0.003 bar. Sannan idan aka maimaita karatu a matsi ɗaya ba ya komawa daidai wuri ɗaya; a misalinmu bari mu ɗauka wannan saɓani 0.005 bar ne. Waɗannan biyun suna bin kowane zaɓi, kuma za a ga tasirinsu nan gaba.

Zaɓi na farko: na'urar fistin da duwatsun awo

Wannan ita ce na'urar da ke samar da matsi ta hanyar ɗora duwatsun awo da aka san nauyinsu a kan fistin da aka san faɗinsa. A ɗauki wadda takardarta ta ce 0.015 cikin 100 na abin da ake karantawa, wato 0.003 bar a matsin 20 bar. A takarda ta ninka gejinmu fiye da sau 30. Amma idan aka haɗa ta da waɗancan abubuwa biyu na gejin, U yana zuwa kusan 0.012 bar, TUR kuma kusan 8:1. Ko da ma'aunin dogaron ba shi da kuskure ko kaɗan, lambar ba za ta wuce kusan 8.6:1 ba, domin gejin ne ya kafa rufin. Wanda ya kashe kuɗi don neman 10:1 a kan irin wannan geji ya sayi abin da ba zai taɓa iya nunawa a satifiket ba.

Ta fuskar ƙarko babu wanda ya kama ƙafarta cikin ukun, domin ƙarfen fistin da duwatsu ba sa zamewa kamar kayan lantarki, shi ya sa tazarar sake tantance ta takan fi tsawo. Farashinta ne mafi yawa, aikinta kuma shi ne mafi nauyi: sai an daidaita ta a kan tebur mara karkata, sai fistin yana juyawa yana shawagi lokacin karatu, sai an kula da zafin ɗaki da tsabtar mai, kuma ba ta ba da matsi sai wanda duwatsun da ke hannu za su iya haɗawa.

Babban tarkonta shi ne ƙarfin jan ƙasa. Matsin da duwatsun ke samarwa ya dogara da ƙarfin jan ƙasa na wurin da ake aiki, wanda ya kama daga kusan 9.780 m/s² a layin ikwaita da ya raba duniya gida biyu zuwa kusan 9.832 m/s² a ƙuryar arewa da ta kudu. Idan an ƙera duwatsun bisa lambar ƙa'ida ta 9.80665 aka kuma yi amfani da su kusa da layin ikwaita ba tare da gyara ba, kuskuren ya kai kusan 0.27 cikin 100, wato 0.054 bar a matsin 20 bar. Wannan ya haura rabin iyakar gejin baki ɗaya, kuma ya mayar da ma'auni mafi tsada ya koma ajin mafi araha. Ana gane wannan matsala idan aka ga kusan duk gejin da aka gwada yana karkata ɓangare ɗaya, karkatar kuma tana ƙaruwa daidai da ƙaruwar matsi.

Zaɓi na biyu: ma'aunin dogaro mai allon lambobi na 0.1 cikin 100

A nan ne mafi yawan masu saye ke tsayawa, don haka ya cancanci a bi lissafinsa dalla-dalla. A ɗauki wanda iyakar awonsa 20 bar ce, takardarsa kuma ta ce 0.1 cikin 100 na cikakken awo, wato ±0.02 bar. TAR ɗinsa 5:1 ne, kuma mai sayarwa zai tsaya a nan. Mai gwaji kuwa sai ya ci gaba. Ana raba 0.02 da √3, tunda abin da aka sani kawai shi ne kuskuren yana wani wuri tsakanin iyakokin biyu, sai a sami 0.01155. A ɗauka satifiket ɗin ma'aunin ya nuna U na 0.006 bar, wanda rabinsa 0.003 ne, domin U ninki biyu ne na u, wato rashin tabbas kafin a faɗaɗa shi. Sai a haɗa da na gejin:

```
u = √(0.01155² + 0.003² + 0.003² + 0.005²) ≈ 0.0133
U = 2 × u ≈ 0.0266 ≈ 0.027
TUR = 0.1 / 0.0266 ≈ 3.8
```

Ma'aunin da aka saya a matsayin 5:1 ya sauko ƙasa da 4:1 kaɗan. Wannan ba ya nufin ba shi da amfani, domin tsakanin 3.8 da 4 bambancin haɗari ƙanƙane ne ƙwarai. Amma idan yarjejeniya da abokin ciniki ta ce 4:1 a rubuce, to 3.8 bai cika ba, kuma mai bincike zai kama hakan. Mafita ita ce ko a hau zuwa ajin 0.05 cikin 100, wanda da irin wannan lissafi zai kai kusan 5.7:1, ko a yi amfani da tarihin satifiket na shekaru don nuna cewa ma'aunin yana zamewa ƙasa da abin da takardarsa ta faɗa.

Farashinsa matsakaici ne, ana ɗaukarsa a hannu zuwa wurin aiki, kuma sabon ma'aikaci yana koyonsa da wuri. Rauninsa a ƙarko yake: na'urar da ke jin matsi a cikinsa tana zamewa da lokaci, tana jin zafi da sanyi, kuma matsin da ya wuce kima sau ɗaya yana iya sauya ta ba tare da wata alama a jiki ba. Shi ya sa akan sabunta satifiket ɗinsa duk shekara, kuma mai hankali yakan ajiye geji ɗaya tsayayye yana gwada shi da shi lokaci-lokaci don ya ga ko wani abu ya motsa.

Kuskuren da na fi jin takaicinsa a wannan aji shi ne na faɗin awo. Mai saye yana son ma'auni ɗaya ya yi masa komai, sai ya ɗauki mai kaiwa 70 bar, yana ganin ai duk 0.1 cikin 100 ne. To amma 0.1 cikin 100 na 70 bar shi ne 0.07 bar, wanda a kan gejinmu bai kai 1.5:1 ba ko a takarda. Dole a karanta ko kason na cikakken awo ne ko na abin da ake karantawa, a kuma mayar da shi bar kafin a raba. Haka nan idan da ruwa ake ba da matsi, bambancin tsayi na santimita 10 tsakanin ma'aunin da gejin yana kawo kusan 0.01 bar, kashi ɗaya cikin goma na iyakar, don haka ko a jera su a tsayi ɗaya ko a gyara lissafi.

Zaɓi na uku: ma'aunin 0.25 cikin 100 tare da tazarar kariya

Wannan shi ne mafi araha. Iyakarsa ±0.05 bar, TAR 2:1, kuma bayan lissafi U yana zuwa kusan 0.059 bar, TUR kusan 1.7:1. Idan aka yi amfani da shi kai tsaye ana cewa duk abin da bai haura 0.1 ba an karɓe shi, hukuncin ba abin dogaro ba ne. Abin da ke ceto shi shi ne tazarar kariya, wato a matso da iyakar karɓa ciki. Hanya mafi tsauri ita ce a cire U gaba ɗaya daga iyaka, wanda ke barin ±0.041 bar kawai, amma duk gejin da aka karɓa a haka yiwuwar ya kasance a waje ba ta kai kashi 2.5 cikin 100 ba. Akwai hanya mai sassauci, `√(0.1² − U²)`, wadda ke ba da kusan ±0.081 bar, ita tana kare matsakaicin haɗari a kan tarin na'urori ne, ba ta ba da tabbaci a kan geji ɗaya ba.

Saboda haka arahar ba kyauta ba ce. Kuɗin da aka rage a saye ana biyansa da gejin da aka ƙi alhali suna da kyau. ISO/IEC 17025 ta 2017 ba ta kafa wata lamba kamar 4:1 ba, abin da ta nema shi ne ɗakin gwaji ya bayyana dokar hukuncin da yake bi, ya yi la'akari da haɗarinta, ya kuma sanar da abokin ciniki. ILAC-G8 ta 2019 ta yi bayanin hanyoyin. Wato ana iya aiki da 1.7:1 bisa ƙa'ida, muddin ba a ɓoye ba.

Karatu ɗaya, hukunci uku

A ce ma'aunin dogaro ya nuna 20.00 bar, gejin ya nuna 20.08. Da na'urar fistin, 0.08 da 0.012 sun zama 0.092, har yanzu cikin iyaka, hukunci a sarari yake. Da ma'auni na biyu, 0.08 da 0.027 sun zama 0.107, an ɗan leƙa waje, kuma yiwuwar gejin ya wuce iyaka a gaskiya kusan kashi 7 ne cikin 100. Da na uku yiwuwar ta haura ɗaya cikin huɗu, kuma da tazarar kariya mai tsauri gejin ya faɗi. Gejin bai sauya ba, abin da ya bambanta shi ne ƙarfin shaidar da ke hannun mai gwaji. Ya kamata kuma a sani cewa idan karatu ya faɗo daidai kan iyaka, a 20.10, yiwuwar rabi da rabi ce ko da TUR ya kai 100:1. Babban TUR yana rage yawan na'urorin da ke faɗawa cikin shakka ne, ba ya wanke wadda ta riga ta faɗa.

| Ma'aunin zaɓi | Fistin da duwatsu | 0.1 cikin 100 | 0.25 cikin 100 |
|---|---|---|---|
| TAR a takarda | fiye da 30:1 | 5:1 | 2:1 |
| U a 20 bar | 0.012 | 0.027 | 0.059 |
| TUR | kusan 8:1 | kusan 3.8:1 | kusan 1.7:1 |
| Iyakar karɓa in an cire U | ±0.088 | ±0.073 | ±0.041 |
| Farashi | mafi yawa | matsakaici | mafi ƙasa |
| Ƙarko | sosai | yana zamewa | yana zamewa |
| Sauƙin aiki | sai ƙwararre, a ɗaki | mai sauƙi, ana yawo da shi | mai sauƙi, amma hukunci na son lissafi |
| Babban haɗari | manta gyaran jan ƙasa | faɗin awo da bai dace ba | ƙin na'urori masu kyau |

Wa ya dace da wanne

Ɗakin gwajin da ke tantance ma'aunan wasu, ko wanda ke karɓar geji na ajin 0.1 da 0.05 cikin 100, ba shi da zaɓi cikin ukun nan sai na'urar fistin, domin a kan waɗannan na'urori ita ce za ta ba shi rata mai ma'ana. Amma wanda aikinsa bai wuce geji irin na misalinmu ba, ni ban ga hujjar da zai saye ta ba, tunda gejin da kansa zai cinye yawancin fifikon.

Masana'antar da ke da geji masu yawa na aji 0.5 da 1 cikin 100, waɗanda ake gwadawa a inda suke ɗaure, ma'auni na biyu ne nata, da sharaɗin faɗin awonsa ya yi kusa da na gejin. Idan matsin da ake aiki da su sun bambanta sosai, ma'aunai biyu masu faɗi daban sun fi guda ɗaya mai faɗi amfani. In kuwa yarjejeniya ta rubuta 4:1, ko gejin yana tsaron abin da kuskurensa zai iya jawo rauni ko asarar rai, gara a hau zuwa 0.05 cikin 100, a kuma ƙara tazarar kariya a kai.

Zaɓi na uku ya dace da wanda ke da geji kaɗan, ko wanda tarihin gwajinsa ya nuna cewa na'urorinsa kan zauna kusa da tsakiya, ta yadda matse iyaka ba zai jawo masa ƙi da yawa ba. Ya kuma dace da binciken tsakani, wanda ake yi don a ga ko geji ya motsa kafin lokacin tantancewarsa. Wanda ya ɗauke shi sai ya rubuta iyakar karɓarsa a takardar aiki tun kafin gwaji, sannan duk gejin da ya faɗo tsakanin 0.041 da 0.159 bar ya aika da shi ɗakin gwaji mai ma'auni mafi kyau kafin a yanke hukuncin gyara shi ko ajiye shi.